Layin VAT da ke ƙasan rasit, kuɗin waye?

Tambaya: "Salam. Ni 'yar kasuwa ce ina saida kayan tireda a Zariya. Jiya 'yata ta dawo daga wani babban kanti da rasit, a can ƙasa an rubuta VAT an ɗora mata kuɗi akan na kayan. Ta tambayeni meye shi na kasa bata amsa, tace to mu me yasa bama sawa a namu. Dan Allah doka ce ko cuta ce?"

Wa'alaikis salam Hajiya. Doka ce, haraji ne na gwamnatin tarayya, kashi 7.5 cikin 100 na kuɗin kaya, kuma kantin ba nashi bane riƙo aka bashi. Sai dai akwai masu fakewa da shi suna cuta, zan nuna miki yadda ake ganesu. Ni aikina kenan haɗa wa 'yan kasuwa lissafin haraji anan Kano, kuma wallahi wadda ta fi kowa tsareni da tambaya akan wannan layin ba wani babban dila bane, 'yar wani abokina ce mai rumfar sabulu da omo da man shafawa a kasuwar Sabon Gari, lokacin tana aji biyar na sakandare. Bari in baki labarinta dan duk amsarki na ciki.

Wajen shekarar 2022 ne, ranar wata asabar naje rumfar ina zaune akan benci muna hira da babanta sai gata ta shigo fuska a murtuke, ta miƙa masa wata 'yar doguwar takarda irin mai santsin nan da inji ke fitarwa, wadda in ta kwana biyu a jaka rubutun ke gogewa. Mamanta ce ta aiketa wani babban kanti. Tace Baba kaga mutanen nan sun cuceni, na duba farashin komai a jikin kanta kafin in ɗauka, na haɗa a kaina dubu 15 cif, ina zuwa wajen biya matar tace 15,450, na tambayeta tace wai bat ne. Uban ya juya takardar gaba da baya yace toh ga Baffanki nan shi ya san wannan, ni dai abinda na sani duk shagon da ya sa na'urar sanyi sai ka biya kuɗin sanyin.

Na karɓa na duba. Ƙaramin buhun shinkafa naira 9,000, omo da sabulu 4,000, man shafawa 2,000, sai layin VAT an rubuta 450, jimla 15,450. Nace mata harajin kashi 7.5 ne, ɗauki kalkuleta ki gwada min. Ta jawo ta babanta, irin mai manyan madannai ɗin nan da aka ɗaure da zare a jikin teburi dan kar ta yi ƙafa, ta buga ta buga sai tayi shiru. Tace Baffa ai bai fita ba, kashi 7.5 na dubu 15 shine 1,125, to kenan su ne ma suka yi kuskure suka rage min? Kin ji yarinya, yanzun nan an cuceta, yanzu kuma tana tunanin ko ita ce ta ciyo musu kuɗi.

Nace cire shinkafar ki sake. 6,000 sau 7.5 a raba da 100, sai ga 450 daidai ba ko kwabo. Dalili shine doka bata ɗora wannan harajin akan abinci na yau da kullum ba, irin su shinkafa, masara, gero, wake, doya, gishiri, man girki, burodi, kayan miya, nama da kifi, haka magunguna da littattafan karatu da kayan jarirai da takin zamani. Shi yasa in kika yi sayayya gauraye ba za ki taɓa ganin layin ya zo daidai da kashi 7.5 na jimlar kuɗin ba, sai ya yi ƙasa. Wasu kantunan injinsu na sa 'yar alama ko harafi a gefen kayan da aka cire wa harajin, wasu kuma basa sawa sai dai ki ware da kanki. Amma ki lura, shinkafar nan da ba a ɗora mata komai a buhu, in aka dafa aka kawo miki ita a faranti a otal ko gidan abinci to ta shiga, dan a lokacin hidima suka saida miki.

Sai ta yi min tambayar da ta fi ta farko nauyi, tace to in dai kantin zai karɓi 15,450 ko ta yaya, me zai hana su rubuta farashin omo da kuɗin a ciki kowa ya huta, meye na ware masa layi kamar ana yi wa mutum gori. Anan ne na ce babanta ya ɗauko mana takardun dilansa. Yana da wata ƙusa doguwa da ya kafa a katako ta ciki, duk takardar da aka kawo da kaya daga kasuwar Singa sai ya soketa a jiki, wasu har sun yi ja saboda ƙura. Muka zaro ta sama. Katan ɗin sabulu, farashi 12,000, ƙarƙashinsa VAT 900, jimla 12,900. Yarinyar ta kalli uban tace Baba kai ma ashe kana biya, yace ni dai 12,900 aka ce min kuma ita nake bayarwa, ban taɓa bi ta kan ƙananan rubutun ba. Shekara da shekaru yana biyan abin yana cewa na masu na'urar sanyi ne.

To ga yadda katan ɗaya yake tafiya, na zana mata shi a bayan kwali, kuma ki bi shi a hankali Hajiya dan nan ne gaba ɗaya maganar take. Kamfani ya yi sabulu ya saida wa dila katan akan 10,000, ya ɗora 750 na haraji, dila ya biya 10,750. Wannan 750 ɗin kamfani ba zai taɓa ba, na hukuma ne. Dila ya sa ribarsa ya saida wa babban kanti akan 12,000, ya ɗora 900, kanti ya biya 12,900. Yanzu dila yana riƙe da 900 na gwamnati, amma ai shi ma ya riga ya biya 750 lokacin da ya sayo, dan haka in wata ya ƙare sai ya cire 750 ɗinsa ya kai 150 kawai. Kanti ya fasa katan ya saida ɗaya ɗaya har kuɗin ya kai 14,000, ya karɓi 1,050 daga hannun masu saye, ya cire 900 da ya bai wa dila, shima ya kai 150. Haɗa su, 750 da 150 da 150, ya zama 1,050, wato daidai abinda mai sayen ƙarshe ya biya. Kamfani da dila da kanti babu wanda ko sisi ya fita daga aljihunsa, kowa ya maido nasa daga na gabansa, wanda zai je gida ya yi wanka da sabulun shi kaɗai ne bashi da na gaba, a kansa ta ƙare. Shi ma kamfanin yana cire abinda ya biya akan kayan haɗi kafin ya kai nasa, na bar wannan ne dan kar kwalin ya cika.

Kin ga amfanin layin kenan. Dila ba zai je ofishin haraji yace ku yarda dani na biya 750 ba, sai ya nuna takardar kamfani da aka ware kuɗin a fili, kanti ma sai ya nuna ta dila. In aka cusa harajin cikin farashi ba a rubuta ba, to na gaba bashi da hujjar cirewa, sai ya ɗora haraji akan kuɗin da tuni akwai haraji a ciki, kaya su yi ta tsada a kowane hannu. Sannan ita hukumar da wannan takardun take kama mutane, in kanti yace ya biya dila 900 ya kawo takarda, sai a waiwaya a ga shin dilan ya bayyana 900 ɗin a nasa lissafin. Kowa ya zama mai gadin ɗan uwansa ba tare da ya shirya ba. Kafin 1994 harajin sayarwa ne ake da shi a Najeriya wanda jihohi ke karɓa, a Janairun 1994 aka maye gurbinsa da wannan akan kashi 5, ya zauna a haka har 1 ga Fabrairun 2020 da aka maida shi 7.5. Kuma ba mu ne masu tsada ba, tsallaka Maraɗi ki karɓi takarda a babban shago za ki ga an rubuta TVA kashi 19.

Yarinyar nan kanta na ja, tana gama kallon kwalin sai tace to Baba mu ma daga yau mu dinga rubutawa, duk wanda ya sayi na dubu 10 mu ce ya kawo 10,750. Uban har ya fara murmushi, na ga alamar lissafin ya fara yi masa daɗi. Nace a'a, wannan ita ce hanyar da mutum ke jawo wa kansa bala'i da hannunsa. Ba kowa ke da ikon rubuta layin nan ba sai wanda ya yi rajista da hukumar haraji yana da lambarsa, kuma duk abinda ya karɓa dole ya cike takarda ya kai kafin 21 ga watan da ke biye, ko an yi ciniki ko ba a yi ba sai ka cike. A lokacin in ka makara tarar watan farko naira 50,000 ce, kowane wata bayan nan 25,000. Na sha ganin mai shago ya karɓi kuɗin nan ya juya shi cikin jari yana ganin kamar riba ce ta ƙaru, sai an zo bincike bayan shekara biyu uku a lissafo masa gaba ɗaya da tara da kuɗin ruwa a kai, lokacin kuɗin sun daɗe da zama kaya a kanta ko bashi a hannun mutane. Wanda kuma bai yi rajista ba ya rubuta VAT ya karɓa ya sa aljihu, wannan ba sai na faɗa miki sunansa ba, ya ci kuɗin mutane ne da sunan gwamnati.

Kuma shi babanta doka ma bata nema daga gareshi ba. Dokar kuɗi ta 2019, wadda ta ƙara harajin zuwa 7.5, ita ce ta ce duk wanda cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba an ɗauke masa karɓa da cike takardar wata wata. A kula, ciniki aka ce ba riba ba, mutane da yawa anan suke ruɗewa. Miliyan 25 in kika raba da kwanakin shekara wajen dubu 68 ne da ɗoriya a rana, shi kuma a lokacin ranar da kasuwa ta yi kyau ne yake haɗa dubu 40 zuwa 50. Shi yasa rasit ɗinsa na ɗan littafin nan mai kabon bashi da layin, kuma ina kyautata zaton naki ma dalilin kenan.

Amma fa rashin layin baya nufin mai saye a kasuwa ya tsira, wannan ne abinda ya fi bata mamaki. Babanta ya sayi katan 12,900, 900 ɗin nan bashi da inda zai je ya cire ta, dan haka ta zama cikin kuɗin sarinsa. In ya saida katan ɗin ya tashi 14,000, ribarsa 1,100 ce, kuma wanda ya saya ya biya 900 na haraji a ɓoye cikin farashi bai sani ba. Babban kanti kuwa mai saye ya biya 15,050, kanti ya tashi da 2,000 bayan ya kai na hukuma. Wato abinda gwamnati ta rasa a rumfar babanta harajin 'yar ribar da ya ɗora ne kawai, babban kason tuni an karɓe shi tun daga kamfani da Singa. Ni a ganina wannan tsarin yayi wa ƙaramin ɗan kasuwa daidai, dan in aka ce mai rumfa ya dinga cike takarda duk wata, kuɗin da zai biya irina ya fi abinda za a samu a wajensa. Inda yake cutuwa ɗaya ne, in wani kamfani ko babbar makaranta ko otal suna son sari mai yawa, wani lokacin sai su tsallake shi su tafi wajen mai rajista saboda suna son takarda mai lamba.

Yanzu maganar cuta, tunda kin tambaya. Abu na farko ki duba kan takardar, ya kamata ki ga sunan shagon da adireshi da kwanan wata da lambar rasit da lambar harajinsu, yawanci ana rubuta TIN a gabanta. Takardar da aka rubuta VAT da biro babu suna babu lamba, ki tambaya, ba rashin kunya bane. Na biyu ki ware kayan abinci ki buga kashi 7.5 akan sauran kamar yadda yarinyar ta yi, in layin ya fi haka akwai magana, in kuma buhun shinkafa ko gero kaɗai kika saya aka ɗora miki to ki ce a cire.

Na uku shine wanda har masu shagon kansu ke faɗawa ciki. Wasu kantunan farashin da ke jikin kanta da harajin a ciki yake, sai a rasit su nuna miki nawa ne a ciki ba tare da sun ƙara komai ba, wasu kuma sai a wajen biya suke ɗorawa kamar wanda ya fusata 'yar abokina. Duka biyun ana yi, abinda ba a yi shine a haɗa miki biyun, ace farashin da haraji a ciki sannan a sake ɗorawa. In kuɗin da harajin a ciki yake kina so ki san nawa ne, kar ki buga kashi 7.5 akan jimlar. Misali kin biya 21,500, in kika buga kai tsaye zai baki 1,612.50 kuma ba daidai bane, dan kin ɗora haraji akan haraji. Raba 21,500 da 1.075 zai baki 20,000, shine kuɗin kayan, ragowar 1,500 shine harajin. Ko ki ninka 21,500 ɗin da 3 ki raba da 43, zai baki harajin 1,500 kai tsaye, amsa ɗaya ce. Na taɓa karɓar littafin wani mai shagon kayan wuta da yaronsa ya shekara guda yana bugawa ta hanyar farko, duk wata suna kai wa hukuma fiye da abinda suka karɓa, daga ribarsu, kuma maido irin wannan kuɗin sai an sha zirga zirga.

Kada kuma ki haɗa shi da sauran abubuwan da ake karɓa. Tikitin kasuwa da kuɗin shara da kuɗin rumfa na ƙaramar hukuma ko hukumar kasuwa ne, cajin mai POS ladan aikinsa ne, kuɗin hidima da wasu gidajen abinci ke sawa na gidan ne ba na gwamnati ba, a Legas kuma za ki ga wani kashi 5 na jiha a takardar otal da gidan abinci bayan VAT ɗin. Akwai ma inda kike biyansa kullum baki lura ba, in kika tura kuɗi ta waya zuwa wani banki aka cire miki 53.75 ko 26.88 ko 10.75, wannan ƙarin shine, cajin bankin 50 ne ko 25 ko 10, sauran harajin ne akan cajin, ba akan kuɗin da kika tura ba. Da na faɗa wa yarinyar wannan sai da ta karɓi wayar uban ta buɗe saƙonnin banki tana dubawa ɗaya bayan ɗaya.

Ta tambayeni ina kuɗin ke zuwa, nace ana tarawa ne wuri ɗaya a raba duk wata, a lokacin tarayya na ɗaukar kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Tace to kwatar bakin layinsu da ta shekara a toshe fa, nace wannan kuma ki tambayi kansilanku, ni iyakata lissafi. Abubuwa sun ɗan canza tun daga lokacin, sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta fara aiki a Janairun 2026, kashi 7.5 ɗin yana nan yadda yake, hukumar haraji ta FIRS an canza mata suna zuwa NRS, rabon ya zama 10 na tarayya, 55 na jihohi, 35 na ƙananan hukumomi, kuma an ɗaga iyakar cinikin da ake ɗauke wa ƙananan 'yan kasuwa sama da miliyan 25 ɗin da. Dan haka in cinikinki ya fara girma, musamman in kin fara bada sari, ki haɗa jimlar cinikin wata 12 daga littafinki ki je ofishinsu da ke kusa da ke a duba miki matsayinki kafin su su zo.

Ita dai tun daga ranar ta karɓe littafin rumfar. Ta ja layi ta ƙara gida ɗaya a kowane shafi, tana rubuta kuɗin sari da harajin a haɗe, dan ta gano wani lokacin yaron shagon 12,000 ɗin sama yake kwafa daga takardar dila ya manta da 900 ɗin ƙasa, sai a sa farashi ana ganin ribar 2,000 ce a katan alhali 1,100 ce. Takardun kan ƙusar ma ta zare su ta jera wata wata a cikin wani tsohon gwangwanin biskit. Ki bai wa 'yarki takardar dilanki ɗaya da kalkuleta, ki ce ta nemo miki layin ta faɗa miki nawa kika biya a katan ɗin ƙarshe da kika saro.